Layin waya ya koma hannun wani, suna kuma ya saɓa da kati: yadda wata 'yar kasuwa a Kumasi ta gyara asusunta

Matar da wannan bayani ya shafa dattijuwa ce mai sayar da atamfa da leshi a Alabar, gidanta kuma yana Aboabo. Ƙanwar mahaifiyata ce, ni nake karanta mata takardu, don haka a gabana aka yi komai. Zan kira ta Hajiya kawai, bankin ma ba zan kama sunansa ba, domin abin da ya same ta yana iya samun kowa a kowane banki a Gana.

A 2011 ta buɗe asusun, da katin zaɓe. Wanda ya cike mata fom a lokacin ya rubuta sunan yadda yake jin ana kiran ta a kasuwa: ya sa "Hajia" a gurbin sunan farko, ya biyo da sunanta na yanka, ya rufe da sunan mijinta. Da aka zo rajistar katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a tsakanin 2019 da 2020, sai ta bi abin da ke cikin fasfonta na aikin hajji, wato sunan yanka da sunan mahaifi, babu laƙabi. Sunan yankan ma rubutunsa bai zo ɗaya ba. Duk ɗan zango ya san wannan: Maimuna takan koma Memuna ko Memunatu, A'isha ta koma Ayishetu, Husaini ya koma Fuseini, gwargwadon kunnen wanda ya riƙe biro ranar. Ke nan mace ɗaya tana da suna biyu, ɗaya a banki, ɗaya a hannun NIA, hukumar da ke ba da katin.

Layin wayar da ke kan asusun kuwa babban ɗanta ne ya saya mata da sunansa, sannan ya yi tafiya ƙasar waje. A watan Oktoba na 2021 aka fara sabunta rajistar layukan waya da katin Gana, mai sunan ba ya nan, ita kuma ba ta ɗauki abin da zafi ba. Da wa'adi ya cika a ƙarshen Mayun 2023, aka rufe layin. Ta aiki yaron shago ya sayo mata wani da katinsa, harka ta ci gaba. Ba ta lura cewa alat ya daina shigowa ba, domin asusun na ajiya ne: yaron yana kai kuɗi, abokan ciniki daga Tamale da Bawku suna turowa, ita ba ta cika cira ba. Wannan ne ma ya sa ba ta yi karo da dokar Babban Bankin Gana ba, wadda ta ce daga 1 ga Yulin 2022 katin Gana ne kaɗai shaidar da banki zai karɓa.

Kamfanonin waya ba sa barin lamba a ajiye har abada. Idan layi ya mutu ya daɗe, sukan sake sayar da lambar ga wani. Wata abokiyar cinikinta ce ta gano haka, da ta tashi tura mata momo, wato kuɗin da ake turawa ta layin waya, a tsohuwar lambar ta ga sunan wani namiji ya fito. Muka kira lambar. Mutumin, Allah ya saka masa, ya faɗi gaskiya: ya ce ya daɗe yana ganin saƙon wani banki, na ƙarshe ya nuna an sa sidi 4,500, da jimillar abin da ke cikin asusun a ƙasa. Ya zaci 'yan damfara ne shi ya sa bai kula ba.

A nan nake so mai karatu ya tsaya kaɗan, domin wannan ne haɗarin da ya fi girma a cikin lamarin duka. Lambar wayar da ke kan asusu ba ta alat kaɗai ba ce. Ita ce banki yake tura wa lambar tabbatarwa mai amfani sau ɗaya, wadda ke fitowa a waya da sunan OTP, kuma da ita ake buɗe hidimar tura kuɗi ta waya. Wanda ke riƙe da layin bai isa ya kwashe kuɗi da layin kaɗai ba, sai ya haɗa da wasu bayanai, amma ya riga ya san bankinki, ya san abin da kike da shi, ya san ranakun da kuɗi ke shiga. Mugun mutum da wannan kaɗai zai iya kiran ki ya ce daga banki yake, ya karanto miki jimillar kuɗinki daidai, ke kuma ki sakankance ki ba shi sauran.

Washegari muka tafi reshen bankin a Adum. Ba layin masu karɓar kuɗi ake bi ba, teburin kula da abokan hulɗa ake zuwa. Muka yi sa'a yarinyar da ke wurin 'yar zango ce, ta gaishe da Hajiya da Hausa. Abubuwan da ta nema don sauya lamba ba su da yawa: mai asusun da kanta, ainihin katin Gana ba hotonsa ba, sabon layin a cikin waya a kunne, da adireshin GhanaPostGPS na gidan, irin wanda a Kumasi yakan fara da harafin A. Ta miƙo fom na sabunta bayanai mai shafi ɗaya. Wasu bankunan sukan ƙara da neman gajeriyar wasiƙa zuwa ga manaja. Idan asusun na mutum biyu ne, ko na ƙungiya ko masallaci, duk masu sa hannu sai sun amince a rubuce. A ƙa'ida wannan aikin rabin awa ne.

Hajiya ta ɗora yatsa a kan ƙaramar na'urar, hotonta da bayananta suka fito daga rumbun NIA. Yarinyar ta dubi allon, ta dubi katin, ta sake duban allon.

"Mma, yatsa naki ne, fuska taki ce, amma sunan da ke kan asusun ba shi ne a katin ba."

"'Yata, ai ni ce. Wancan sunan maigidana ne, Allah ya jiƙansa, wannan na mahaifina."

"Na yarda, Mma. Sai dai idan na sauya lamba a asusun da sunansa bai dace da kati ba, na yi abin da ɓarawo yake so a yi masa. Na sama da ni ba za su sa hannu ba."

Raina ya ɓaci a lokacin, amma ina ganin tana da gaskiya. Sauya lambar waya ita ce hanyar da aka fi bi a sace asusun mutum, don haka banki ba zai yi ta ba sai ya tabbatar mai katin shi ne mai asusun. Yatsa ya tabbatar Hajiya ce mai katin. Abin da ya rage shi ne takardar da za ta haɗa katin da asusun.

Kafin mu tashi muka roƙi abu ɗaya, kuma shi ne abin da nake fara faɗa wa duk wanda ya zo mini da irin wannan matsala. Muka ce tunda gyaran suna zai ɗauki lokaci, a dakatar da alat da duk wata hidimar waya a kan tsohuwar lambar yau ɗin nan. Rufewa ba ta buƙatar hujja mai ƙarfi kamar buɗewa, domin ba ta ba kowa iko a kan kuɗi. Aka ɗauko katin sa hannu na 2011, aka gwada dangwalen yatsanta da hoton da ke jiki, na rubuta wasiƙa ta layi huɗu ta dangwala, aka buga hatimi a kwafinmu. Daga ranar mutumin can ya daina ganin kuɗinta.

Sai maganar suna. Hanya biyu ce: ko a mai da asusu ya bi kati, ko a mai da kati ya bi asusu. Banki ba ya gyara katin Gana, kuma ba ya rubuta sunan da ya saɓa masa. Wanda kuskuren yake a katinsa, ko yake son sabon suna gaba ɗaya, ofishin NIA zai fara zuwa da hujjojinsa, ya biya kuɗin sabuntawa, a buga masa sabon kati da lambarsa ta da, sannan ya zo banki. Wanda ya fara da banki ya bar kati a baya, wahala biyu zai sha. Ga Hajiya zaɓin bai yi wuya ba. Fasfonta da katinta sun dace da juna, asusun ne kaɗai bare. Da ta nace sai sunan mijinta, da sai ta sake kati, ta sake fasfo, alhali tana da niyyar umara. Ta ce, "A bar ni da sunan ubana, da shi aka ɗaura mini aure ma."

Hujjar da ake nema ta danganta da girman saɓanin, kuma bankuna ba su zama ɗaya a kan iyakar ba. Idan harafi ɗaya ne ma'aikaci ya kuskure, yawanci kati da fom sun isa. Idan rubutun ne ya bambanta, ko an juya jerin sunaye, ko laƙabi irin Alhaji da Hajiya da Malam ya shiga cikin suna, sukan nemi takardar rantsuwa. Idan kuwa sunan ƙarshe ne ya sauya ɗungurungum, kamar na Hajiya, sai su nemi ko takardar aure ko sanarwa a gazet, jaridar gwamnati.

Takardar aure ita ce ta fi sauƙi ga wadda take da ita, amma a nan ne matan zango da yawa suke makalewa. An ɗaura auren Hajiya a ƙofar gida, da waliyyi da shaidu da goro, kamar yadda aka ɗaura na iyayenmu duka. Dokar aure ta Gana ta amince da auren Musulunci, sai dai ta ce a yi masa rajista a hukuma cikin mako ɗaya da ɗaurawa, kuma kaɗan ne suke yi. Takardar da wasu masallatai suke bayarwa tana da darajarta a wurinmu, amma ba ita ce ta hukuma ba, banki yana iya ƙin ta. Hajiya ko wannan ba ta da ita, mijin kuma ya rasu. Saura rantsuwa da gazet.

Takardar rantsuwa tana ƙarƙashin dokar 1971 mai lamba 389. Ana yin ta a gaban kwamishinan rantsuwa ko lauyan da aka ba ikon hatimi, kuma a harabar babbar kotu ta Adum akwai masu buga ta. Mutum yana bayyana cewa shi ne wane, ɗan ƙasa kaza, mazaunin wuri kaza, cewa sunan da ke takarda ta farko da wanda ke ta biyu duk nasa ne, kuma daga yau ga wanda yake so a san shi da shi. Rantsuwa a kan ƙarya laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Ga wanda ba ya karatun boko, akwai sakin layi a ƙasa da ke cewa an karanta masa an fassara masa da harshen da yake ji, ya fahimta kafin ya dangwala, mai fassarar ma ya sa hannu. Kada a yarda a tsallake wannan, domin rashinsa yana raunana takardar.

Abu biyu muka kula da su a wurin. Na farko, kafin mu bar banki mun sa yarinyar ta rubuto mana sunan asusun harafi da harafi, da ranar haihuwar da ke ciki. Ashe ita ma ta saɓa: katin zaɓen ya ba ta wata shekara, fasfo da katin Gana suka ba ta wata. Muka sa aka haɗa wannan a rantsuwa ɗaya, maimakon a gama suna a dawo a ce saura ranar haihuwa. Na biyu, da mai bugawa ya zaro takardar daga injin, na ɗora katin a gefenta na bi da yatsa. Ya rubuta sunan yankan da "ai" inda kati yake da "e", wato yadda shi ya saba rubuta shi. Da ta dangwala a haka, da mun biya kuɗi mun ƙirƙiro suna na uku. Ya yi ɗan gunaguni, ya sake bugawa. Kuskure irin wannan idan ya wuce zuwa gazet, sabon biya ne da sabon jira.

Gazet jaridar gwamnati ce, kamfanin ɗab'i na gwamnati ne ke buga ta, hedikwatarsa tana Akara. Da takardar rantsuwar da katin Gana ake nema. Sanarwar suna iri biyu ce, kuma yana da kyau mutum ya san wadda yake so: akwai ta sauya suna, akwai ta tabbatar da suna. Ta farko tana cewa wane ya bar sunan da, ga sabo. Ta biyu tana cewa ga sahihin sunan wane, wanda aka rubuta dabam a wasu takardu. Mun tambayi banki wadda za su karɓa kafin mu biya, domin kuɗin ba ya dawowa. Akwai ta talaka da ake jira makonni, akwai ta gaggawa mai tsada. Tunda an riga an rufe tsohuwar lambar, babu abin da ke korar mu, muka bi ta jira. 'Yan tsakani sun cika wannan harkar, wasu na gaskiya, wasu kuma gazet ɗin bogi suke bugawa, wadda NIA ko banki za su gane su mayar da mutum. Wanda zai aiki wani, ya nemi rasit na ofishin kansa, ya duba lamba da kwanan watan fitowar da ke shafin farko, da shafin da sunansa yake.

A cikin jiran ne muka gyara layin. Wanda take amfani da shi da katin yaron shago aka yi rajistarsa. Gwajin mai sauƙi ne: ka sa wani ya fara tura momo zuwa lambar, ya tsaya kafin ya sa lambar sirri, ka ga sunan da ya fito. Sunan yaron ne ya fito. Wasu bankunan suna duba wannan su ƙi lambar, wasu ba sa dubawa, amma ko ba su duba ba ni ba zan yarda ba. Wanda sunansa ke kan layi shi ne zai iya zuwa ofishin kamfanin waya ya ce sim ɗinsa ya ɓace a ba shi sabo, daga nan alat da OTP su koma hannunsa. Yaron mai amana ne, amma yaran shago sukan tashi, kuma ainihin abin da ya kashe layin farko ke nan. Tunda abokan ciniki sun riga sun san lambar, ba mu sayi wata ba. Su biyun suka je ofishin kamfanin, kowa da katinsa, aka mai da mallakar layin sunanta.

Da gazet ta fito muka koma banki da kati, da ainihin takardar rantsuwa, da gazet, da hotuna biyu irin na fasfo, da wayar. Suka ɗauki kwafi suka mayar mana da na ainihi. Kada a bar su a can, domin wani ofishin zai sake nema. Aka cike fom na sauya suna da na sauya lamba, aka yi sabon katin sa hannu da sabon dangwale, aka sake ɗora yatsa a na'ura, aka haɗa lambar katin mai farawa da GHA da asusun. Ga 'yan'uwanmu 'yan Nijar da Nijeriya da ke zaune a nan, katin baƙi ne ke tsayawa a wannan gurbin, kuma shi yana da wa'adi, sabunta shi ake yi, wanda ya ƙare ba ya aiki. Saƙo ya shigo wayar Hajiya da lambobi, ta miƙa wa yarinyar a gabanmu. Na ja kunnenta cewa a teburin nan kaɗai ake yin haka. Duk wanda ya kira ta a waya ya ce ta karanto masa lambobi don a ƙarasa gyara, ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunan reshen.

Reshe ba shi ne ke ƙarasa sauya suna ba, babban ofishi ake tura wa, don haka ba a ranar ake gani ba. Muka karɓi kwafin fom mai hatimi da kwanan wata. Amfaninsa shi ne idan aka yi shiru: ƙa'idar Babban Bankin Gana ta ba banki kwana 20 na aiki ya warware ƙorafin da aka shigar, bayan haka mutum yana da damar kai kuka can, kuma hatimin ne zai nuna ranar da aka fara. Ba mu kai ga haka ba. Don mu tabbatar, bayan 'yan kwanaki na tura sidi 10 daga wayata zuwa asusun. Kafin in amince, sunan da ya fito shi ne na katin, kuma alat ya shiga wayar Hajiya tana zaune a shago. Duk wanda aka ce masa an gama, ya yi wannan gwajin da ƙaramin kuɗi, domin yakan faru a sauya lambar alat a manta da ta hidimar tura kuɗi, su biyun ba lallai wuri ɗaya suke a na'urar banki ba. Ita ma sai da aka sake buɗe mata hidimar a sabon layin da sabuwar lambar sirri.

Lambar asusun ba ta sauya ba, kuɗin ma ba a taɓa su ba. Katin cirar kuɗi mai tsohon suna aka karɓe aka buga mata sabo. Mai littafin cek ma haka zai yi, kuma cek ɗin da wani ya riga ya rubuta da tsohon suna gara a mayar a sake rubutawa. Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci a ƙarshe shi ne abokan ciniki na arewa. Shekara da shekaru suna ganin "Hajia" da sunan mijinta idan za su tura kuɗi, yanzu suka ga wani suna, biyu daga cikinsu suka fasa turawa suna zaton sun yi kuskuren lamba. Hajiya ta zauna da yamma ta bi su ɗaya bayan ɗaya da saƙon murya, tana faɗa musu sunan da za su gani, da lambar wayar da za su goge daga wayoyinsu.